Rabin Jarin Baba Yana Hannun Baffa

Tambaya: Malam, shekara 2 ke nan da rasuwar mahaifinmu. Ya bar mahaifiyarmu da mu maza 2, mata 3. Rabin jarin kasuwancin da suke yi da ƙaninsa nasa ne. Baffa yana ba mu wani abu duk wata. Ina so in maye gurbin Baba mu buɗe rassa. Ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku. Amma ɗana, ajiye zancen rassa tukuna. Shekara 2 kuna karɓar "wani abu" ba ku san sunansa ba. Riba ce? Kyauta ce? Ko daga uwar kuɗinku ake yanko muku? Kuskurenka ke nan: ba a yi ƙidayar dukiyar ba lokacin rasuwa, kuma kunya ta hana ka tambaya.

Tarayya irin wannan, a fiƙihu, tana warwarewa da mutuwar ɗaya daga cikin abokan. Ƙimar kason Baba kuka gada, kujerarsa kuwa sai da sabuwar yarjejeniya da yardar Baffa. Ko kamfani ne mai rajista, hannun jari ake gada, ba muƙamin darakta ba.

Mu ƙaddara kaya na miliyan 30 ne, akwai 4 a banki. Littafi ya nuna ana bin mutane bashin miliyan 12, amma 8 kaɗai za su fito, sauran sun bi ruwa. Masu kawo kaya suna bin kasuwancin 10. Abin da ya rage 32, na Baba 16. In babu bashi a kansa, babu wasiyya, iyayensa kuma ba sa raye, mahaifiyarku tana da tumuni, wato 2. Ragowar 14 a kasa bakwai: kowace mace 2, kowane namiji 4. Ka gani? Kai da kake jin rabin kasuwancin naka ne, ɗaya bisa takwas gare ka.

Na taɓa zama a kan rikicin wasu marayu da suka yi shekara 7 suna karɓar na wata-wata. Ranar da suka nemi kasonsu, baffan ya ɗauko littafi ya tara duk abin da ya ba su, har kuɗin asibitin uwarsu, ya ce sun cinye jarinsu. Ban ce ƙarya ya yi ba. Babu dai takarda ko ɗaya da za a ƙaryata shi da ita.

Ka je wa Baffa da ladabi, tare da dattijon da yake jin nauyinsa da akawun da ba ya cin albashinsa. A nemo bayanan banki tun daga watan rasuwar, a ƙirga kaya da farashin da za su sayu yau. A rubuta matsayin kuɗin da kuka riga kuka karɓa, kowa ya sa hannu. Sannan a tambayi kowane magaji shi kaɗai, musamman 'yan'uwanka mata, ko zai bar kasonsa a ciki ko a biya shi, a kashi nawa, zuwa wane wata.