Rubuta "Musulmi sun yi imani cewa…" a littafin tarihin addinai, shin shakka ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce, an sa ni cikin masu rubuta ƙaramin littafi kan tarihin addinai wanda ɗalibai masu addinai daban-daban za su karanta. A babin Musulunci abokin aikina ya rubuta "Muhammad ya kafa addinin Musulunci a ƙarni na 7", ni kuma na ce ai Musulunci tun daga Annabi Adamu yake. Mai duba littafin ya ce in dai haka ne sai na rubuta "Musulmi sun yi imani cewa…". Zuciyata ta ƙi natsuwa, ji nake kamar na mayar da gaskiya ta zama ra'ayin wasu. Dan Allah ya halatta in rubuta haka? Kuma in na kawo maganar masu binciken tarihi da ta saɓa wa aƙidarmu ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka da alheri da wannan kishi, rashin natsuwar nan taki alamar imani ce. Hukuncin dai shi ne ya halatta ki rubuta "Musulmi sun yi imani cewa", ya kuma halatta ki kawo maganar wanda ya saɓa mana matuƙar kin jingina ta ga mai ita. Abin da bai halatta ba shi ne ki faɗi da bakinki, ba tare da jinginawa ba, jimlar da ke ƙaryata wahayi. Toh bari mu bi dalilan a hankali.

Babban abin da nake kafa hujja da shi sulhun Hudaibiyya ne, shekara ta 6 bayan Hijira, wato 628. An zauna rubuta yarjejeniya, Sayyadina Ali ne ke riƙe da alƙalami, Suhailu ɗan Amru kuma shi ne wakilin Ƙuraishawa. Da aka ce a rubuta Bismillahir Rahmanir Rahim sai Suhailu ya ƙi, ya ce a rubuta "Bismikallahumma" yadda suka saba, Annabi (SAW) ya yarda. Da aka zo kan "Muhammadu Manzon Allah" nan ma ya tsaya, ya ce da mun san kai Manzon Allah ne ai da ba mu hana ka zuwa Ɗakin Allah ba kuma da ba mu yaƙe ka ba, a rubuta Muhammadu ɗan Abdullahi. Annabi ya rantse cewa shi Manzon Allah ne ko da sun ƙaryata shi, sannan ya yi umarni a rubuta hakan. Ali ya kasa goge kalmar saboda nauyinta a zuciyarsa, irin nauyin nan da kike ji yanzu, har sai da Annabi ya sa hannunsa mai albarka ya goge da kansa. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim.

Ki dubi abin da aka rubuta ɗin da kyau. "Muhammadu ɗan Abdullahi" gaskiya ce a wurin Musulmi, gaskiya ce kuma a wurin mushirikai. Ba a rubuta "wanda yake da'awar manzanci" ba, ba a rubuta wata kalma da ke kore manzancin ba. An dai bar abin da ake jayayya a kai, aka tsaya kan abin da kowa ya yarda da shi, saboda takardar ta ɓangare biyu ce. Kuma imanin bai ɓoyu ba tunda Annabi ya furta shi a fili a wurin. Littafinku irin wannan takarda ce, mutane masu aƙida daban-daban ne suka haɗu a kanta, don haka ma'aunin farko shi ne ki nemo jimlar da ba ƙarya ba ce a wurinki kuma wanda ba Musulmi ba zai iya sa hannu a kai.

Yanzu jimlar abokin aikinki. Matsalar tana cikin kalmar "kafa". Wanda ya kafa kamfani ko jam'iyya daga tunaninsa abin ya fito, shi ya sa in an ce ya kafa addini kunnen Musulmi ke jin kamar an ce shi ya ƙaga shi, alhali Allah yana cewa a Suratul Ahƙafi aya ta 9 ka ce ni ba farau ba ne a cikin manzanni, kuma a Suratush Shura aya ta 13 an ce addinin da aka shar'anta shi ne wanda aka yi wa Nuhu da Ibrahim da Musa da Isa wasiyya da shi. Amma ki yi wa abokin aikinki adalci, galibin masu rubuta haka ba ƙaryatawa suke nufi ba, suna magana ne kan al'ummar da ta bayyana a tarihi, mai alƙibla da azumin Ramadan da littafi da Larabci. Kalmar Musulunci a wurinmu ma ma'ana biyu gare ta: miƙa wuya ga Allah wanda shi ne addinin dukkan annabawa, da kuma shari'ar da Annabi Muhammadu (SAW) ya zo da ita. Ke kina magana kan ta farko shi yana kan ta biyu. Saboda haka ba zan ce wanda ya rubuta "ya kafa" da wannan nufi ya yi kafirci ba, amma kalma ce mai harshen damo, in akwai wadda ta fi ta tsabta barinta shi ne daidai.

Ga yadda zan so sakin layin ya kasance, ki gyara shi da salonki: "Annabi Muhammad ya fara kira zuwa ga Musulunci a Makka wajen shekarar 610, ya yi hijira zuwa Madina a 622, ya rasu a 632. Musulmi sun yi imani cewa wahayi ne aka saukar masa daga Allah ta hannun Mala'ika Jibrilu, kuma addinin ba sabo ba ne, ci gaban saƙon Ibrahim da Musa da Isa ne. Masu binciken tarihi kuwa suna ƙirga farkon Musulunci a matsayin al'umma daga ƙarni na 7, suna kuma nazarin alaƙarsa da addinan da ke yankin Larabawa a lokacin." Kin ga jimla ta farko ba ta buƙatar jinginawa ga kowa, domin wuri ne da shekara da aikin da mutane suka gani. Ta biyu gaibu ce, wanda bai yi imani ba ba zai sa hannu a kai ba, sai aka jingina ta gare mu. Ta uku ita ma an jingina ta ga masu ita, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, sai ka ga an sa "sun yi imani" a kan maganar muminai amma hasashen mai bincike an zuba shi tsirara kamar rana ce ta fito. In mai duba littafin ya nemi ki jingina aƙida, ke ma ki nemi a jingina hasashe.

Shin "sun yi imani" shakka ce? A'a. Labari ne na gaskiya, lallai Musulmi sun yi imani da hakan kuma kina cikinsu. Inda dafin yake shi ne wasu ƙananan kalmomi da alƙalami ke zamewa a kansu: "wai", "ya yi iƙirarin", "suna riya cewa", "a cewarsu dai". Ki gwada karanta "wai an saukar masa da wahayi" da ƙarfi ki ji yadda take taɓe baki. Waɗannan ba tsaka-tsaki ba ne, hukunci ne aka ɓoye cikin kalma, kar ki yarda da su a babin Musulunci kuma kar ki sa su a babin kowa. Haka ma "ya rubuta Alƙur'ani" ko "ya kwaso daga Attaura" in aka faɗe su ba jinginawa, wannan ne iyakar da ba za ki tsallaka ba, in an tilasta sai haka ki janye sunanki daga babin.

Game da kawo maganar masu saɓani, malamai sun daɗe suna cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne matuƙar bai yarda da shi ba. Alƙur'ani da kansa ya hakaito abin da Ƙuraishawa suka faɗa kan asalinsa, a Suratul Furƙan aya ta 5 sun ce tatsuniyoyin mutanen farko ne, a Suratun Nahli aya ta 103 sun ce wani mutum ne ke koya masa. Wani zai ce ai Alƙur'ani raddi ya yi musu bayan ya hakaito, kuma wannan gyara ce mai nauyi ban raina ta ba. Shi ya sa nake bambanta wuri da wuri. A darasin tauhidi ga yaran Musulmi ba a kawo shubuha a bar ta ba amsa, kuma ba a cewa "Musulmi sun yi imani", cewa ake Allah ya saukar. Amma littafin da aka san aikinsa bayyana abin da kowa ke cewa ne, magabata sun yi irinsa. Al-Biruni ya rubuta littafinsa kan mutanen Indiya wajen 1030, ya faɗa tun a farko cewa hakaitowa zai yi ba jayayya ba. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya sharɗanta wa kansa a Al-Milal wan-Nihal cewa zai kawo mazhabar kowace ƙungiya yadda ya same ta a littattafansu ba tare da son kai ba.

Sai dai ki kula, masu bincike ba baki ɗaya suke magana ba, kar a rubuta "masana sun ce" alhali mutum biyu ne. A 1977 John Wansbrough ya yi hasashen cewa nassin Alƙur'ani bai daidaita ba sai wajen ƙarni biyu bayan Annabi. Daga baya an gwada fatar wasu tsofaffin shafukan Alƙur'ani da ke Jami'ar Birmingham, sakamakon da aka sanar a 2015 ya nuna tsakanin 568 da 645, kuma yawancin masu binciken yau ba sa bin wancan ra'ayi. Gwajin shekarun fatar yake nunawa ba na tawada ba, wannan ma ki faɗa don amana. In littafin ƙarami ne irin naku, ra'ayi irin na Wansbrough ba lallai ya shiga ba ma, in ya shiga a ambaci mai shi da shekararsa da matsayinsa a yau.

Kuma mudun da kika auna wa kanki da shi za ki auna wa wasu, Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 8 kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. In kin zo babin addinin Sikh misali, za ki ga wasu marubuta sun ce gauraye ne na Hindu da Musulunci, mabiyansa kuwa ba su yarda da haka ba, suna ganin saƙo ne mai zaman kansa da aka ba Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469. Ki rubuta shekarar kai tsaye, ki ce mabiya sun yi imani da kaza, ki ce wasu masu bincike suna ganin kaza. Rubuta aƙidarsu a jingine ba gaskata ta ba ne, kamar yadda jingina tamu ba shakka ba ce. Salati kuma in tsarin littafin bai ba da damar rubuta shi ba, ki yi da harshenki duk lokacin da kika rubuta sunan Annabi (SAW). In ɗaliba ta tambaye ki a aji ke me kika yi imani da shi, ki gaya mata a fili.

Wallahu a'alam.