Me ya haɗa kifi da kerwo?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a nan Katsina. An koya mana cewa Hausa da Bolanci 'yan gida ɗaya ne, har aka ce kalmar *kifi* da *kerwo* ta Bolanci asalinsu guda. Ni ban ga kamanni ba. Larabci kuwa ga *alƙalami*, ga *littafi*, amma aka ce aro ne. Da me ake ganewa?

Amsa: Malama, ba kamanni masana ke bi ba. Abin da suke nema shi ne bambancin da ke maimaita kansa, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan tana bakinki, tunda Bakatsiniya ce ke.

Ke kina cewa *zamna*, *amre*, *sabka*, *abduga*. Bakano yana cewa *zauna*, *aure*, *sauka*, *auduga*. Duba da kyau, ba kowace *m* ko *b* ce ta zama *u* a Kano ba. Bakano bai taɓa cewa *uota* a maimakon *mota* ba. Baƙin leɓe da ya zo a ƙarshen gaɓa, wani baƙin na biye da shi, shi ne ya narke. Inda wasali ya biyo bayansa kuwa, yana nan daram. Shi ya sa Bakanon da ke cewa *aure* yake cewa *amarya*, mai cewa *zauna* yake cewa *zama*, mai cewa *juji* yake jam'inta shi da *jibaje*. Tsohon baƙin ya ɓuya a tilo, jam'i ya tona shi. Hatta sunan *Abdu* bai tsira ba, ya koma *Audu*.

Wani Bajamushe mai suna August Klingenheben ne ya tsara wannan a rubuce wajen 1927 zuwa 1928, shi ya sa ake kiranta dokar Klingenheben, kuma Paul Newman ya yi mata littafi guda a 2004. Tana da wani reshe da ya shafi Katsina da Kano baki ɗaya: *k* da *g* na ƙarshen gaɓa su ma sun zama *u*. Daga nan muka sami *talaka* amma *talauci*, da *ɓauna* mai jam'i *ɓakane*, da *buzu* mai jam'i *bugaje*. Haka *t* ta zama *r* a *farke*, alhali tana nan a *fatake*.

Za ki iya cewa, wa ya ce ba Katsinawa ne suka sauya ba? Gwada ki gani. In na Kano ne tsoho, sai a gaya mana dalilin da ya sa *au* ta zama *am* a *zamna*, ta zama *ab* a *sabka*, sannan ta zauna yadda take a *ɗauka*. Babu ƙa'idar da za ta raba su. In kuwa aka faro daga na Katsina, ƙa'ida guda ta fitar da na Kano. Sautuka biyu kan narke su zama ɗaya, amma ɗaya ba ya rabuwa uku ba tare da sanadi ba. Don haka duk wanda ya yi miki dariyar *zamna*, tsohuwar sigar yake wa dariya.

To abin da ke tsakanin Katsina da Kano, shi ne ke tsakanin Hausa da Bolanci, sai dai rabuwar ta daɗe ƙwarai, sauye-sauye sun hau kan juna har ba a jin juna.

Mu ɗauki *kifi* ɗin. A Bolanci, harshen Fika a jihar Yobe, ana ce wa mai, irin na girki, *mor*, suya kuma tushenta *surru*, kifi *kerwo*. A Ngizimci na Potiskum ana ce wa wuya, na jikin mutum, *wura*. Jera su: *mor* da *mai*, *surru* da *soya*, *wura* da *wuya*. Ko'ina 'yan uwan suna da *r* a ciki ko ƙarshen kalma, Hausa tana da *y*, don *i* ɗin da ke ƙarshen *mai* ai *y* ce da ta rufe gaɓa. Kalma guda ba hujja ba ce, tana iya zama katari. Amma sau uku, sau huɗu, a kalmomin da ba a cika aro ba, kamar sassan jiki da abinci, wannan ya wuce katari. Sai a ce tsohuwar *r* wadda ba a farkon kalma take ba ta zama *y* a Hausa.

Yanzu ɗora dokar a kan kalmar da ta dame ki. Masana na sake gina tsohuwar sigar kamar kirfi*, tauraron nan na nufin ba a same ta a rubuce ba, lissafi ne ya fitar da ita. *R* ta zama *y*, aka sami kiyfi*. *Iy* a baki kuwa doguwar *i* ce. Furta *kifi* ki ji: wasalin farko ja ake yi. Wannan jan shi ne gurbin *r* da ta ɓace. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa shaidar ta kuɓuce miki. *K* ta dace da *k*, *r* ta dace da tsawon wasali, *f* da *w* kuma duka a leɓe ake yin su, ko da yake mai aikin tsanaki sai ya nemo wa wannan ma nasa jerin kafin ya rufe magana.

Akwai inda aikin ke rikicewa. In *r* ta zama *y*, daga ina Hausa ta samo *r* ɗin da ta cika ta yau? Doka tana da lokacinta, ta yi aiki ta wuce, abin da ya zo bayanta ba ruwanta da shi. Wasu *r* ɗin daga *l* suka fito daga baya, kamar *harshe* da mutanen yamma ke kira *halshe*. Wasu daga *t*, kamar na *farke* da *biyar*, wadda Sakkwatawa ke cewa *biyat*. Wasu kuma da aro suka shigo. Haka Bakano ke cewa *lakca* da *dakta* ba tare da *k* ta narke ba, don sun iso bayan dokar ta gama aiki. Togaciya irin wannan ba ta rushe doka, sau da yawa ma ita ke nuna wace kalma ce ta riga wata zuwa. A Turai ma an yi haka. Jacob Grimm ya nuna a 1822 cewa *p* ta Latin tana dacewa da *f* a dangin Jamusanci, kamar *pater* da *father* ta Ingilishi, *piscis* da *fish*, amma wasu kalmomi suka ƙi bin layi, sai da Karl Verner ya gano a 1875 cewa wurin da nauyin furuci ya faɗa a tsohuwar kalmar ne ya raba su.

Batun Larabci kuma, yawan kamannin ne ma ya kamata ya sa ki shakka. Kalmar da aka gada tun dubban shekaru dole ta sha sauye-sauye a ɓangarori biyu. *Alƙalami* kuwa har da *al-* ɗin Larabawa ta zo, wadda a wurinsu ba jikin kalmar ba ce, kuma sunan abu ne da ya shigo tare da karatu. Hausa da Larabci suna da dangantaka ta nesa, amma a kalmomi irin *mutu* da *māta*, ko *halshe* da *lisān*, ake ganin ta. Bolanci ma ya ari kalmomi da yawa daga Hausa da Barbarci, saboda haka in kika ga kalmarsa ta yi daidai da ta Hausa harafi da harafi, musamman mai *y* a inda ake sa ran *r*, ajiye ta gefe, mai yiwuwa daga kasuwa ta shiga.