Wasiƙar godiya bayan ganawar neman aiki

Tambaya: "Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya Laraba na yi ganawar neman aikin kula da mangaza a wata ƙungiya da ke raba iri ga manoma a nan Tawa. Sun fi tsayawa a kan saɓanin da ake samu tsakanin abin da ke rubuce a fish ɗin kaya da buhunan da ake tararwa a mangazojin Keita da Buza. Na rubuta wasiƙar godiya amma ta kai shafi ɗaya da rabi. Me zan cire, me zan bari?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ina roƙonka kada ka kai wa masu buga takardu a sibar su gyara maka, domin irin wannan doguwar wasiƙa ta taɓa zubar mini da mutunci a Yamai. Wani mai buga takardu da aka yi mini nuni da shi ya karɓi jaka biyu a hannuna, ya rantse cewa domina kaɗai ya tsara ta, ashe ajiyayya ce a cikin ordinatarsa, suna kawai yake canzawa. Da na koma bin sawun dosiyena, sakatariyar ta ajiye wasiƙu uku a gabana, tawa da ta wasu masu neman aikin, kalma da kalma iri ɗaya, kuma a sakin layi na uku na tawa sunan wata ƙungiya dabam ne ya manta bai goge ba. Ba ta yi mini faɗa ba, murmushi kawai ta yi, kuma har yau wannan murmushi yana ci mini rai. Da na koma wurin mutumin sai ya ce ai kowa haka yake yi, ko haƙuri bai ba ni ba.

Taka ka mayar da ita jimla biyar ko shida, wadda za a karanta a waya ba tare da an ja allo ba. Duk abin da ke cikin takardar tarihin karatunka da aikinka ka cire shi, tun da yana hannunsu, haka nan yabon ƙungiyar da labarin nauyin iyali. Abin da ya cancanci zama shi ne matsalar da suka tsaya a kanta, domin ita ce shaidar cewa ka saurare su. Ga yadda zan rubuta, sai ka juya ta zuwa Faransanci idan da shi kuka yi ganawar:

"Malama shugabar sashen kaya, ina godiya da lokacin da kuka ba ni ranar Laraba game da aikin kula da mangaza. Na ci gaba da tunani a kan saɓanin lissafin da kika ambata a Keita da Buza. A inda na yi aiki a baya mun rage irinsa ta hanyar ƙirga buhuna kowane ƙarshen mako maimakon ƙarshen wata, tare da hana fitar da kaya sai da takardar fita mai sa hannun mutum biyu. Zan so in kawo wannan tsari kafin rabon irin damina. Ina nan a shirye idan kuna buƙatar ƙarin bayani."

Amma fa jimla ta uku sai idan da gaske ka taɓa yin haka, saboda suna iya kiran tsohon maigidanka su tambaya. Idan ba ka taɓa ba, ka rubuta abin da za ka fara dubawa a makonka na farko. Bayan ka gama, ka sa sunan wata ƙungiya a madadin tasu ka sake karantawa. Duk jimlar da ta zauna daidai ban da gaisuwa da rufewa, ba tasu ba ce, ka goge ta.

Ka aika yau Alhamis, domin ofisoshi da yawa suna tashi da wuri ranar Juma'a, kuma zuwa Litinin mai yiwuwa kwamitin ya riga ya haɗa makinsa. Ka bi ta adireshin imel ɗin da aka gayyace ka da shi, ka kwafi sunan shugabar sashen da muƙaminta daga takardar gayyatar, kada ka je neman lambar WhatsApp ɗin wani ɗan kwamiti, domin a garinmu da kowa ya san kowa nan da nan za a kira shi kamun ƙafa. Maganar albashi kuwa ka bar ta sai sun kira ka.