Wata biyu-biyu ko sau biyu a wata?

Tambaya: “A takardar kungiyarmu ta ’yan kasuwar albasa a nan Sakkwato an rubuta za a rika biyan kudi ‘bimonthly’. Sau biyu a wata ke nan, ko duk bayan wata biyu?”

Malam, kalmar tana daukar duka biyun, kamus din Turanci ma haka ya kawo ta, don haka rigimarku ba za ta kare a kan kalmar ba. Ku duba lissafi. In kudin naira dubu biyar ne, sau biyu a wata ya zama biya 24 a shekara, wato naira 120,000. Duk bayan wata biyu kuwa biya 6 ne kacal, naira 30,000. Ninki hudu ke nan. In takardar ta fadi jimillar shekara, kun samu amsa. In babu, magatakarda ya sake rubutawa: “ranar 1 da 15 ga kowane wata”, ko “Janairu, Maris, Mayu” har Nuwamba.

Kada kuma wani ya ce ai mako biyu-biyu daidai yake da sau biyu a wata. Mako biyu-biyu biya 26 ne a shekara, akwai rarar biyu. A kuma fadi wane wata ake nufi, na Musulunci ko na Bature, tunda shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kusan kwana 11.