Ƙugiyoyina sun koma baka-biyu a maɗaba'a, kuma an ce in sa karin sauti irin na Yarbanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin fassara a Agege, Legas. Na fassara wa wani kamfani jerin kalmomin kiwon lafiya, Turanci a hagu, Hausa a dama. Da aka buga gwaji a wata maɗaba'a a Shomolu sai ƙasa ta fito `}asa`, haɗa ta fito `ha]a`, alhali a kwamfutata lafiya lau suke. Yanzu kuma sun ce in sa alamomin sauti a kan wasula kamar yadda mai fassarar Yarbanci ya yi. Jibi za a buga, ina tsoron sunana ya ɓaci.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, aikin yini ɗaya ne. Sai dai laifin ba na mai maɗaba'a ba ne, kada ki je ki yi masa faɗa. Tun farko babu ƙ ko ɗaya a cikin fayil ɗinki.

Abin da nake fama da shi kusan kullum ke nan. Mutum ya kai kwamfuta wurin mai gyara, a ce masa "bari in sa maka fon na Hausa", a karɓi kuɗinsa, ya tafi da tunanin cewa fon, wato salon zanen haruffa, shi ne ke kawo ƙugiya. Waɗannan tsofaffin fon dabara ce ta zamanin da kwamfuta ba ta san haruffanmu ba. An ɗauki gurbin wata alama da ba mu cika amfani da ita ba, kamar `}` ko `]`, aka zana ƙ da ɗ a wurin. Wasu kuma q da x da v suka ara, shi ya sa kike ganin qasa da xaya da vera a wasu shafuka. Riga kawai aka canza wa alamar, ita kwamfuta har yanzu baka-biyu take gani. Da zarar fayil ya isa injin da babu wannan fon, sai a tuɓe rigar. A lokacinta dabarar ta yi amfani, ban raina waɗanda suka ƙirƙiro ta ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu sayar da ita yau, bayan kowane harafi yana da lambarsa a Unicode, tsarin lambobin haruffa na duniya: ɓ `0253`, ɗ `0257`, ƙ `0199`, manyansu kuma Ɓ `0181`, Ɗ `018A`, Ƙ `0198`. Sai kuma ka ji wani gwani ya ce to a cire ƙugiyar gaba ɗaya, ai Bahaushe zai gane. A takardar lafiya? Shawarar da ake ba wanda maciji ya sara ita ce "kada a ɗaure wurin". Cire ƙugiyar ki karanta: an koma maganar dauriya. Kura da ƙura ma ba abu ɗaya ke kai mutum asibiti ba.

Ga yadda za ki tabbatar da kanki. A Word, ajiye alamar rubutu a bayan ƙ ɗinki ki danna `Alt+X`. In ta nuna `0199`, harafin gaske ne. In ta nuna `007D`, baka-biyu ce sanye da riga. Ki kuma koyi bambanta cuta uku, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Baka-biyu ko q na nufin fon na bogi. Ɗan akwati fanko na nufin harafin lafiyarsa ƙalau, fon ɗin mai bugawa ne ba shi da zanensa, canza fon kawai za a yi. Alamar tambaya a gurbin harafi ita ce mafi muni: an adana fayil ɗin ba da tsarin `UTF-8` na Unicode ba, harafin ya salwanta, sai an koma kwafin asali.

Gyaran naki da `Ctrl+H` ne. Ki fara kwafe fayil ɗin, sannan ki musanya kowace alama da harafinta na gaske, ɗaya bayan ɗaya, ƙanana daban manya daban. Ki haskaka ɓangaren Hausa kaɗai kafin ki danna. Na taɓa ganin wanda ya musanya v da ɓ a duk takarda, kowace kalmar Turanci mai v ta samu ƙugiya, aka kuma buga a haka. Don gaba, ki ƙara kibod na Hausa a Windows, inda `Alt` na dama tare da b, d ko k ke ba da mai ƙugiya. A waya kuwa Gboard na da Hausa. In za ki bi ta lamba, ki rubuta `U+0257` sannan `Alt+X`, domin in kin rubuta ha sai `0257` kai tsaye, Word zai haɗa a ɗin cikin lambar, tunda a zuwa f lambobi ne a wannan lissafin. A 'ya'ya kuwa ki bar 'y ɗinmu na Nijeriya, ƴ na rubutun Nijar ne.

Maganar karin sauti, na san inda ta fito. A Legas idon mai tsara shafi ya saba da Yarbanci, wanda ƙa'idar rubutunsa ta tanadi alamar karin sama da na ƙasa, don haka in ya ga Hausa tsirara sai ya ɗauka ba a gama aiki ba. Ki gaya musu cikin ladabi cewa daidaitacciyar Hausa ba ta nuna kari ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum, jimla ce ke warwarewa. In takardar ta jama'a ce da za a raba a Idi-Araba ko Mile 12, kada ki sa, rikita mai karatu za su yi.

Inda suke da gaskiya shi ne jerin kalmomi tsuraru, musamman in wanda ba Bahaushe ba zai karanta wa marar lafiya. Kalma ita kaɗai ba ta da jimlar da za ta cece ta. A nan sai ki bi tsarin masu ƙamus: karin sama ba a sa masa komai, karin ƙasa à, faɗau â, dogon wasali ā. Kada ki ari alamar sama ta Yarbanci. Ɗauki mata: matar aure ɗaya mā̀tā ce, jam'i kuwa mātā. Gàrī na zama, gā̀rī na tuwo, bambancinsu tsawon wasalin farko kawai. Kūkā na hawaye, kūkā̀ ta miya. Kada ki dogara da kunne kaɗai a wasalin ƙarshe, nan ne har malamai ke tuntuɓe, ki duba ƙamus mai nuna kari. Kuma kada ki ninka wasali a wani wuri, maataa, ki sa layi a wani.

Wajen bugawa, ā tana da lambarta `0101`. Don samun ā̀ sai ki biyo ta da `0300` ki danna `Alt+X`, alamar ta hau kai. Ba kowane fon ke jera alama biyu da kyau ba, a wasu sai su hau juna. Charis SIL da Noto Sans suna yi, kuma kyauta ne.

Shawarata ki bar ginshiƙin Hausa yadda kowa ya san shi, ki ƙara na uku mai suna "furuci" inda alamomin za su zauna. Ki aika wa Shomolu PDF da fon ɗin a cikinsa. In sun ce sai sun sake tsara shafin a CorelDRAW, ki haɗa musu da fon ɗin, ki ce sai kin ga gwaji a takarda kin sa hannu kafin injin ya tashi.