Kafin ka ce direbanka ya gaza

"Kawu, direbanmu ya cika shekara yana aiki, ya nemi ƙarin albashi. Ba mu taɓa rubuta komai tsakaninmu ba. Maiɗakina tana cewa yana yawan makara, ni kuma ina ganin mai yana saurin ƙarewa a hannunsa. Yaya manya suke auna irin wannan ma'aikaci ba tare da an zalunce shi ba?"

Ɗana, na ji daɗi da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka ba shi amsa. Abin da zan fara gaya maka shi ne, kada ka zauna auna shi tukuna. Ka fara auna aikin. Ka ɗauki takarda, kai da maiɗakinka, ku rubuta duk abin da mutumin nan ya yi muku a mako biyun da suka wuce, daga sa'ar da ya zo zuwa sa'ar da ya tafi. Ban ce ku rubuta abin da kuke ganin direba ya kamata ya yi ba. Abin da ya yi a zahiri nake nufi. Za ku tarar ranar da aka ɗauke shi an ce masa kai yara makaranta da kai ka wurin aiki, amma yanzu shi ne mai zuwa cefane, shi ne mai wanke mota, shi ake aika ya biya kuɗin wuta, shi ke jiran baƙo a tasha har dare. Haka aikin da ba a rubuta ba yake, yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura, sai shi mai yin sa. In ka auna shi da aikin ranar farko alhali yana ɗauke da na yau, ka riga ka zalunce shi tun kafin ka buɗe baki.

Bayan kun rubuta, ka bi kowane abu ka tambayi kanka: wannan na taɓa faɗa masa da bakina, ko kuwa ɗauka na yi ya sani? Abin da ba ka faɗa ba, ba ka da hurumin kama shi da shi a kan shekarar da ta wuce. Kana da hurumin faɗa masa yau, ka kama shi da shi daga gobe. Wannan shi ne tushen maganar gaba ɗaya, kuma nan ne iyayen gida da yawa suke tuntuɓe. Wani yana jin haushin direbansa wata shida saboda ba ya duba baƙin mai da ruwan lagireto kowace safiya, alhali bai taɓa ce masa wannan aikinsa ne ba, shi kuma direban yana ganin na bakanike ne. Akwai abubuwan da ba sa bukatar a faɗa, kamar kada ya yi sata, kada ya tuƙa a buge, kada ya fita da sirrin gida. Amma su kaɗan ne, kada ka faɗaɗa su har su haɗiye duk abin da ke ranka.

Maganar makara ba za ta ɗauke mu lokaci ba. "Yana yawan makara" ba hujja ba ce sai an san ƙarfe nawa aka yanka masa, sau nawa ya wuce ta, da kuma ƙarfe nawa aka sallame shi a daren da ya gabata. In an ce masa ƙarfe bakwai, ya zo bakwai da rabi sau biyu a wata, kuma duka biyun bayan ya kai ku biki ya koma gida ƙarfe ɗaya na dare, to ba makararre ba ne, gajiyayye ne. Direban da bai yi barci ba kuwa haɗari ne ga 'ya'yanka da ke bayansa. In kuma sau takwas ne ba dalili, wannan magana ce ta gaske. Ku riƙa rubuta lokacin zuwansa da na tashinsa har wata guda, kuma ya san kuna rubutawa. Zuciya tana riƙe ranar da aka ɓata mata ta manta kwana talatin da aka kyauta mata, musamman in ɓacin na makon jiya ne.

Mai ne nake so mu daɗe a kai, domin zargin da ke ƙarƙashinsa zargin sata ne, ko da ba ka furta ba. Ka san an ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Abin farin ciki shi ne wannan abu ne da ake iya aunawa. Ka je gidan mai da kanka a cika tanki har famfo ya tsaya, ka rubuta lambar da mitar tafiya ta nuna. A yi ta amfani da mota yadda aka saba. In mai ya yi ƙasa, ka sake zuwa da kanka a cika kamar farko, ka rubuta lita nawa ta sha da sabuwar lambar mita. Ka raba kilomitar da aka yi da litar da aka zuba. Misali, in ta yi kilomita 400 ta sha lita 40, kilomita 10 ke nan a kowace lita. Kada ka tsaya a gwaji ɗaya, ka yi aƙalla uku, domin mako ya kan bambanta da mako.

To a ce da can tana yin 10, yanzu lissafi ya nuna lita 50 a kilomita 400, wato ta sauko 8. Har yanzu ba ka kama kowa ba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana ƙara shan mai. Haka filogin da ya gaji, da birkin da ke kamawa, da injin da ya daɗe ba a yi masa gyara ba. Gajerun tafiye-tafiye cikin cunkoso sun fi doguwar tafiya cin mai nesa ba kusa ba, saboda haka in yaran sun canza makaranta zuwa hanya mai cunkoso, lissafin zai canza ba laifin kowa. Sannan ka tambaya ko ana barin sa a mota injin na aiki, na'urar sanyi a kunne, yana jiran wani ya fito daga kasuwa ko asibiti. Motar da ke tsaye injinta na aiki tana shan mai amma mita ba ta ƙirga komai. In mutanen gida ne ke ce masa ya bar ta a kunne don su tarar da ita da sanyi, wannan man su suka sha.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. Ka kai ta wurin bakanike ya duba waɗannan abubuwa, sannan ka tuƙa ta da kanka tanki guda a kan hanyoyin da yake bi, a lokutan da yake bi. In kai ma 8 ka samu, motar ce ko hanyar. In kai ka samu 10 shi yana samun 8, saura abu biyu: ko dai salon tuƙinsa ne, irin mai taka totur da ƙarfi ya kuma taka birki da ƙarfi, ko kuma ana ɗibar mai daga tanki bayan an zuba. Na farko gyara ne da koyarwa, kuma za ka gane shi in ka zauna gefensa kwana biyu, ko ka ga birki yana saurin cinyewa. Na biyu kuwa sai ka kawar da na farko kafin ka yi zarginsa. Akwai kuma hali na daban: lissafin lita ya fito daidai, amma kilomitar ce ta fi tafiyar da ka sani yawa. Ka san makaranta da wurin aiki da kasuwa ba su wuce kilomita 250 a mako ba, mita tana nuna 380. Nan ba mai ake ɗiba ba, motar ce ke zuwa inda ba ka sani ba. Ko a nan ma ka tambayi mutanen gida tukuna, don sau da yawa za ka ji wani ya aike shi ba a gaya maka ba.

Wannan ya kawo ni ga wani abu da ke damuna a irin wannan aiki: ubangida ya yi yawa. Kai ka ce ya jira ka, maiɗakinka ta ce ya kai ta unguwa, ƙaninka ya ce ya sauke shi a hanya, duk wanda aka saɓa wa sai ya ce direba ba ya jin magana. Ku tsayar da mutum ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe in aike ya ci karo, ku gaya masa a gabanku duka.

Idan ka gama wannan, sai ka kira shi ku zauna ku biyu, ba a gaban yara ba, ba kuma a ranar da ya ɓata maka rai ba. Ka gaya masa tun kwana biyu kafin nan, don shi ma ya zo da tasa maganar. Ka bar shi ya fara: yaya ya ga shekarar, me ya fi ba shi wahala, me yake rasa don ya yi aikinsa da kyau. Mutumin da abincinsa ke hannunka ba zai saki baki nan take ba, zai ce komai lafiya lau. Ka yi haƙuri ka tambaye shi abu takamaimai, kamar ranakun da yake tashi bayan goma na dare, yaya yake komawa gida. Daga nan ka faɗi abin da ya yi daidai, da hujjarsa. Shekara guda ba haɗari, ba tara a hanya, yara sun isa makaranta lafiya kullum, wannan shi ne ainihin aikin direba, amma da yake ba ya jawo surutu sai a manta da saka shi a ma'auni. Sannan ka kawo gyara, kada ya wuce biyu ko uku, kowanne da ranarsa da abin da ya faru. "Ranar Talata ka zo takwas saura kwata, yara suka rasa darasin farko" magana ce da zai iya amsawa ya kuma gyara. "Kai ba ka da kula" zagi ne kawai.

Kada ka manta kai ma akwai naka ɓangaren a kan ma'aunin. Albashi yana fita a kan lokaci? Yana da ranar hutu? Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 189, ta shekarar 2011, a kan masu aikin gida, ta ce a sanar da ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa ta yadda zai fahimta, an fi so a rubuce, kuma ya samu hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako. Ko ƙasar mutum ta rattaba hannu ko ba ta rattaba ba, wannan ma'auni ne mai kyau da za ka duba gidanka da shi.

Batun ƙarin albashi kuwa, ka raba shi gida biyu. In takardar da kuka rubuta ta nuna aikin ya ƙaru, ko tsadar rayuwa ta cinye abin da kake ba shi, ƙarin nan haƙƙinsa ne, kada ka rataye shi a kan gyaran hali. Abin da za ka iya jinkirtawa shi ne ƙarin yabo. Ka ce masa in makarar ta daina a wata uku masu zuwa za ka ƙara kaza, ka faɗi adadin da ranar, kuma in ranar ta zo kai ne za ka tuna masa, kada ka bari sai ya roƙa. Kafin ku tashi, ku rubuta abin da kuka amince a shafi ɗaya: lokacin zuwa da na tashi, ranar hutu, ayyukan da ke kansa, wanda zai riƙa zuba mai, da abin da za a ba shi in an tsare shi har dare. In ba ya karatu, ka karanta masa a gaban mutumin da shi ya zaɓa, ya riƙe kwafi ɗaya kai ma ka riƙe ɗaya. In kuma gwajin man ya tabbatar da cin amana har ka ga rabuwa ce mafita, ka nuna masa lissafin, ka ji ta bakinsa, ka biya shi duk kwanakin da ya yi aiki ba tare da ka cire komai bisa ƙiyasi ba.

Ka fara da cika tankin a makon nan, in ka samu lissafi uku ka turo mini mu duba tare. A gaida maiɗakinka da yara.