Kafin ka biya kafin alƙalami, nemo takardun kamfanin

Tambaya: "Ina so in sayi injin daga wani kamfani. Sun ce sai na ba da rabin kuɗi yanzu, kaya kuma sai bayan wata shida. An ce in duba asusun kamfanin tukuna. A ina zan same shi, kuma me zan duba a ciki, ni da ban karanta akanta ba?"

Malam, fara da takardar da suka aiko maka ta farashi. Nemo cikakken sunan kamfanin kamar yadda aka yi masa rajista, da lambar rajistar, da ƙasar da aka yi ta. Yawanci suna can ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Sunan da ke jikin allon talla sau da yawa na rukuni ne gaba ɗaya, amma wanda zai karɓi kuɗinka wani ƙaramin kamfani ne a cikin rukunin, mai nasa asusu da nasa bashi. A doka kowannensu mutum ne daban. Idan ƙaramin ya durƙushe, uwar kamfanin ba dole ba ne ta biya ka, sai in ta sa hannu a takardar lamuni. Saboda haka da lamba ake nema. Sunaye kan yi kama da juna, kamfani ma yakan canza suna, amma lambarsa tana nan.

Inda za ka nufa ya danganta da irin kamfanin. Idan ana sayar da hannun jarinsa a kasuwar hannun jari, aikinka ya yi sauƙi, domin doka ta tilasta masa ya bayyana lissafinsa ga kowa. Za ka samu rahoton shekara a sashen masu zuba jari na kamfanin, da kuma wajen kasuwar da aka jera shi. A Amurka duk irin waɗannan takardu suna cikin rumbun EDGAR na SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, kyauta. Rahoton shekara a can sunansa 10-K, na wata uku-uku 10-Q, kamfanonin ƙasashen waje da yawa kuma 20-F suke miƙawa. Ni na fi son 10-K a kan rahoton da aka ƙawata da hotuna, don tsarinsa ɗaya ne ga kowa: Item 1A haɗurran da kamfanin ke fuskanta, Item 8 kuma bayanan kuɗi.

Idan kamfanin na wasu mutane ne kawai, ba a kasuwa yake ba, sai ofishin rajistar kamfanoni na ƙasarsa. A nan ƙasashe suka sha bamban ƙwarai. A Birtaniya, Companies House na nuna komai kyauta: ka sa lamba, ka buɗe Filing history, ga asusun shekaru a jere. A Jamus akwai Unternehmensregister. A Indiya ma'aikatar harkokin kamfanoni ce, wato MCA, ana biyan ɗan kuɗi kafin a duba. A Najeriya hukumar CAC ce ke karɓar bayanan shekara. A Amurka kuwa yawancin kamfanonin da ba sa kasuwa ba sa buga asusunsu ko kaɗan, rajistar jiha za ta nuna maka dai kamfanin yana nan.

Da ka samu, kada ka tsaya a kan jawabin shugaban kamfani da ke gaba. Duba kwanan wata tukuna. A Birtaniya, misali, kamfanin da ba na jama'a ba yana da wata 9 bayan ƙarshen shekararsa kafin ya miƙa asusu. Wato asusun da ya fi sabo a rajista zai iya zama labarin abin da ya faru shekara ɗaya da rabi baya. Idan wa'adin ya wuce ba su miƙa ba, wannan kansa labari ne. Kamfanin da ke da labari mai daɗi ba ya cika jan ƙafa.

Daga nan sai rahoton odita, wato mai binciken lissafi na waje. Shafi biyu ne ko uku, kuma sakin layin farko ne ke ɗauke da hukuncinsa. In ya ce lissafin ya nuna gaskiyar halin kamfanin ba tare da togaciya ba, to madalla. In ya ce ya yarda "ban da" wani abu, karanta abin nan da kyau. Idan takardar da Turanci take, sa na'ura ta nemo maka `going concern` da `material uncertainty`. Na farkon yana fitowa kusan a kowane asusu, don haka ganinsa kaɗai ba abin tsoro ba ne. In suka zo tare a matsayin taken wani sashe na musamman a rahoton odita, ma'anarsa akwai babbar shakka ko kamfanin zai kai baɗi. Wanda ya ga haka ya kuma miƙa rabin kuɗi, da idonsa a buɗe ya shiga.

Yanzu lambobin kansu. Kai ba hannun jari za ka saya ba, don haka riba ba ita ce damuwarka ta farko ba. Abin da kake son sani shi ne ko kamfanin zai rayu wata shida ya kawo kayanka. Bari in ƙirƙiro maka misali, duk lambobin a miliyan. A takardar kadarori da basussuka, wadda ake rubuta wa Balance sheet, ka tarar kadarorin da ake sa ran za su zama kuɗi cikin shekara sun kai 120. Basussukan da za a biya cikin shekara kuwa 150. Tun nan ka ga giɓin 30. Amma ka ƙara fasa 120 ɗin nan: tsabar kuɗi a banki 8 kacal, bashin da kamfanin ke bin masu saye 70, hajar da ke sito 42. Ka fasa 150 ɗin ma: rancen banki 60, kuɗin masu kawo musu kaya 50, sai 40 na mutane irinka da suka biya tun kafin a ba su kaya. To ina 40 ɗin nan, tunda 8 ce kawai a banki? An riga an kashe ta a wasu hidimomi. Kuɗinka ma can za su bi, kuma injinka zai fito ne daga kuɗin wanda zai biya bayanka.

Wannan kamfani na misali yana iya nuna riba fa. A ce cinikinsa ya tashi daga 250 bara zuwa 300 bana, ribar kuma 15. Duba bashin da yake bi: bara 40, bana 70. Ciniki ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, bashi ya ƙaru da kashi 75. Raba bashin da ciniki ka ninka da 365, za ka ga bara yana karɓar kuɗinsa cikin kwana 58, bana sai kwana 85. Ko dai masu saye sun fara taurin bashi, ko kuma ana rubuta ciniki tun kafin ya tabbata. Takardar shige da ficen kuɗi, Cash flow statement, ita ke raba gardama. Idan layin kuɗin da ainihin sana'ar ta samar ya nuna an rasa 20 a shekarar da aka ce an ci ribar 15, ribar a takarda take, ba ta shiga banki ba. Shekara ɗaya a haka ba laifi ba ne ga kamfanin da ke bunƙasa da sauri. Shekara uku a jere kuwa sai a yi hattara, shi ya sa nake cewa a sauko da asusun shekara uku a ajiye su gefe da gefe.

Sauran abin yana cikin bayanan ƙarin haske da ke baya, inda mutane ke gajiya su rufe. Nemo na rance: yaushe za a biya 60 ɗin bankin, kuma me aka jingina? A Companies House akwai sashen Charges da ke nuna wanda aka jinginar wa da dukiyar kamfani. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin in kamfani ya karye, wanda aka jinginar wa ne ke fara ɗiba, wanda ya ba da kafin alƙalami kuma yana can layin baya tare da sauran masu bin bashi. Leƙa kuma bayanin mu'amala da makusanta. In rabin bashin da kamfanin ke bi yana hannun wani kamfanin darakta ne, wannan kuɗi ba lallai ya dawo ranar da ake buƙatarsa ba.

Asusu mai tsabta ba rantsuwa ba ne. Kamfanin gine-gine na Carillion a Birtaniya ya fitar da asusun 2016 a watan Maris na 2017 da riba a ciki. A watan Yuli ya sanar da rage fam miliyan 845 daga darajar kwangilolinsa, a Janairun 2018 kuma ya rushe. Abin da karatun nan zai ba ka shi ne ƙarfin ciniki. Da lambobi irin na misalin can, ni ba zan ba da rabi a hannu ba. Zan nemi a rage kafin alƙalamin, ko banki ya tsaya lamunin dawo da kuɗina in kaya ba su zo ba, ko a biya ta takardar lamunin banki wadda ba a sakin kuɗi sai an nuna shaidar an ɗora kaya.

Tambaya: "Na nemo asusun wani ƙaramin kamfani, sai na ga shafi biyu kawai, babu ciniki babu riba. Ɓoye wani abu suke yi?"

Ba lallai ba, Hajiya. Ƙasashe da yawa sun sassauta wa ƙananan kamfanoni, suna miƙa takardar kadarori da basussuka kaɗai, sau da yawa ma babu odita. Duk da haka shafi biyun suna magana. Layin ƙarshe yana nuna abin da ya rage wa masu kamfani bayan an cire duk bashi. In lambar tana cikin baka biyu, bashi ya fi dukiya ke nan. Ki kwatanta ribar da aka tara ta bana da ta bara: in ta ƙaru da 5, kusan abin da ya saura ke nan daga ribar shekarar bayan masu shi sun ɗauki rabonsu. In kin ga an rubuta `dormant`, kamfanin ya shaida wa hukuma cewa bai yi wata harkar kuɗi ba a shekarar. Idan kuma shi ne ke ce miki ya shekara goma yana sayar da kaya, ki tambaye su wane kamfani ne ya yi cinikin, su ba ki lambarsa. In kuɗin da za ki sa masu yawa ne, ki nemi cikakken asusun da suka ba bankinsu, da lissafin cikin gida na watannin baya-bayan nan. Masu neman kuɗinki kafin kaya ba su da hujjar jin haushin wannan buƙata.